Saƙo zuwa ga mai kewar gida a Landan

A watan Disamba, rana kan faɗi a Landan tun kafin ƙarfe 4 na yamma. Ɗalibin da ya tashi a Kano, inda ba a kiran magariba sai wajen ƙarfe 6, shi ya san nauyin wannan duhu. A irin wannan lokaci ne yakan rubuta cewa kewar gida ta dame shi.

Amsar da aka fi ba shi ita ce, “Ka gode wa Allah, wasu neman biza suke yi.” Gaskiya ce, amma tana rufe masa baki. Gobe ba zai sake faɗa ba.

Abokin da ya san ciwonsa yakan ɗauko rana guda da suka yi tare. Ya tuna masa Hawan Daushe, yadda suka kutsa cikin taro a Ƙofar Kudu, ƙura ta rufe musu sababbin kaya, suka ƙare wajen mai gurasa. Sannan ya tambaye shi abin da ya fi kewa, ya bar shi ya yi magana. In da hali, saƙon murya ya fi rubutu, domin mutumin kan yini bai ji Hausa ba. Mu'amala ce da ke son maimaici: bayan mako guda a sake leƙa shi.