Lambar da ɓarawon kati ba ya gani

Wanda ya kwafi lambobin katin banki da ukun da ke bayansa zai iya gwada sayayya a intanet. Tsarin 3-D Secure ne ke tare masa hanya.

A ce mace a Kano ta sayi atamfar naira 20,000. Kafin kuɗi su fita, bankinta zai turo lambar OTP, yawanci mai alƙaluma shida, zuwa layin da ta yi rajista da shi. Sau ɗaya lambar ke aiki, kuma cikin 'yan mintuna take mutuwa.

Shi ya sa 'yan damfara ke bugo waya da sunan banki suna neman a karanto musu ita, ko su sace layin. Lambar da ta shigo ba tare da an yi sayayya ba alama ce wani na gwada katin, sai a toshe shi nan take.