Idan ɗalibi ya turo maƙala ya ce "duba": nahawu, hujja ko satar fasaha, wanne ke gaba?

Ɗalibai da dama kan tura wa malami ko yayansu da ya gama jami'a maƙala ta WhatsApp, su haɗa ta da kalma ɗaya tak: "duba". Kalmar tana iya nufin a gyara kurakuran rubutu, ko a auna ƙarfin hujja, ko a tabbatar babu abin da zai jawo zargin satar fasaha. Ayyuka uku ne daban, kuma wanda aka fara da shi ne zai nuna ko taimakon ya yi amfani.

Matakin farko shi ne tambaya: wa zai karanta maƙalar, yaushe za a miƙa ta, kuma daftarin farko ne ko na ƙarshe? Idan saura awa biyu a miƙa, ba a cewa ɗalibi ya rushe gininsa. Idan saura mako guda, gyaran waƙafi tun yanzu ɓata lokaci ne, domin wasu sakin layin za su fita gaba ɗaya. Idan amsa ba ta zo ba, tsarin da ya fi dacewa shi ne a fara da abin da zai iya kashe maƙalar, a ƙare da abin da zai ƙawata ta.

A ɗauki misalin ɗaliba da ta rubuta shafi uku kan dokar rage shekarun tsayawa takara, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu ranar 31 ga Mayu, 2018. Matsayarta ita ce dokar ta buɗe wa matasa ƙofar mulki.

Asalin rubutun ake fara dubawa, domin kwafe kan jawo sifiri ko gurfana gaban kwamitin ladabtarwa, alhali kuskuren nahawu maki kaɗan yake ci. Alamominsa ba ɓoyayyu ba ne: salo ya sauya kwatsam a tsakiyar shafi, ko alƙaluma su bayyana ba tare da madogara ba. Ana iya ɗaukar jimlar da ake shakka a kanta, a sa ta cikin alamar zance a Google, a ga ko za ta fito kalma da kalma. Kason da manhajar Turnitin ke bayarwa kamanceceniya kawai yake aunawa. Sashe na 65 na kundin tsarin mulki da aka ɗauko da ambaton madogara zai iya ɗaga kason ba tare da laifi ba, yayin da tunanin wani da aka fassara daga Turanci zai iya wucewa salin alin. Saboda haka tambaya ake yi, "Ina kika samo wannan?", kafin a yi zargi.

Daga nan sai hujja, inda mafi yawan aikin yake. Ɗalibar ta kawo cewa an rage shekarun takarar shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, na majalisar wakilai da majalisun jihohi daga 30 zuwa 25. Wannan gaskiya ne, amma yana nuna an ba matashi izinin tsayawa ne, bai nuna yana iya kaiwa ga kujera ba. Maƙalar ba ta faɗi cewa shekarun takarar sanata da gwamna sun tsaya a 35 ba. Ba ta kuma taɓo kuɗi ba, alhali a 2022 jam'iyyar APC ta sa naira miliyan 10 kan fom ɗin majalisar wakilai, tare da rangwame ga matasa. Shawara ɗaya ta wadatar: ko ta sassauta matsayar zuwa "dokar ta kawar da shinge ɗaya", ko ta kawo shaidar matasan da suka ci zaɓe dalilinta.

Nahawu ne na ƙarshe, duk da cewa shi ne ido ke fara gani. Iyakar abin da ke tsallake layi shi ne kuskuren da ke sauya ma'ana, kamar rubuta "kasa" a inda ake nufin "ƙasa". Sauran, irin su "ya na" maimakon "yana", ko "dokar ya" maimakon "dokar ta", ana nuna misali ɗaya na kowanne, a bar mai rubutu ta nemo sauran da kanta. Mai dubawa da ya sake gina kowace jimla ya haifar da sabuwar matsala: maƙalar da ta zo ta ɗaliba ce zalla, wadda za ta miƙa kuwa rabinta nasa ne.

Amsa mai kyau gajera ce, kuma tana faɗin iyakarta: "Ƙanwata, na duba madogara da hujja, ban bi nahawu layi-layi ba. Gyara sakin layi na uku ki sake turowa." Idan aka ce "na duba" kawai, ɗalibar za ta ɗauka an tace komai, ta miƙa maƙalar da gurguwar hujjarta.