Inda Ɗaya da Ɗaya Ke Zama Ɗaya: Yadda Kwamfuta Ke Ɓata Ƙirga

Mun saba cewa mutum ne ke kuskuren lissafi, ban da kwamfuta. Amma akwai wata 'yar manhaja mai layi kaɗan da malaman kwamfuta kan ba ɗalibai su gwada, wadda ke girgiza wannan imani. Ana sa ma'aikata biyu a cikin kwamfuta, kowane ya ƙara 1 a kan lamba guda har sau 1,000,000. Yaro ɗan firamare ma ya san jimlar ita ce 2,000,000. Kwamfutar kuwa sai ta kawo abin da bai kai haka ba, in aka sake gwadawa ta kawo wata lambar dabam. Na'urar lafiyarta ƙalau, lissafinta na tarawa ma daidai yake. Matsalar tana cikin yadda ma'aikatan biyu ke rige-rige a kan abu ɗaya.

Waɗannan ma'aikata su ake kira zaruruwa. Zare hanya ce guda ta aiki a cikin manhaja, mai bin umarni ɗaya bayan ɗaya. Manhaja tana iya sakin zaruruwa da yawa su yi aiki a lokaci guda, kamar yadda wayar hannu ke sauke hoto alhali kana ci gaba da rubuta saƙo. Abin lura shi ne, zaruruwan manhaja ɗaya ma'adana ɗaya suke amfani da ita. Abin da wannan ya rubuta, wancan yana iya karantawa, yana kuma iya gogewa ya rubuta nasa.

Ga aikin da ake ba kowane zare, a harshen `C`:

```c
long jimla = 0;

void *aiki(void *x) {
    for (int i = 0; i < 1000000; i++)
        jimla++;
    return NULL;
}
```

Layin `jimla++` yana nufin a ƙara 1 a kan `jimla`. A ido umarni ɗaya ne, amma a wurin firosesa aiki uku ne. Da farko za ta karanto lambar daga ma'adana zuwa wani ɗan wurin ajiya nata na kanta, wato rajista. Sannan ta ƙara 1 a can. Daga ƙarshe ta mayar da sabuwar lambar ma'adana. A harshen na'ura abin kan fito kamar haka:

```
mov rax, [jimla]
add rax, 1
mov [jimla], rax
```

Tsakanin mataki na farko da na uku akwai ɗan gajeren lokaci da zaren ke riƙe da kwafin lambar a hannunsa, bai san abin da ke faruwa da ta asali ba. Duk ɓarnar a wannan ɗan tsakanin take aukuwa.

A ɗauka sito ne ake sauke buhunan masara ta ƙofa biyu, da akawu biyu, da allo ɗaya a bango. Allo yana nuna 41. Buhu ya shigo ta ƙofar gabas, akawun farko ya dubi allo ya ga 41, ya sunkuya yana lissafi a takardarsa. Kafin ya ɗago, wani buhu ya shigo ta yamma, akawu na biyu shi ma ya dubi allo ya ga 41. Na farko ya goge ya rubuta 42. Na biyu ya zo ya goge ya rubuta 42. Buhu biyu sun shiga sito, allo ya ƙaru da ɗaya. Babu wanda ya yi sata, babu wanda ya kasa lissafi, amma buhu ɗaya ya ɓace daga ƙirga.

Haka abin yake ga zaruruwa, kuma ta hanya biyu yake faruwa. Firosesar zamani tana da cibiyoyin aiki da yawa, don haka zare biyu na iya gudana a daidai lokaci guda, su karanta lamba ɗaya tare. Ko da cibiya ɗaya ce ma ba a tsira ba, domin babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura tana raba lokaci tsakanin zaruruwa, tana dakatar da wannan ta ba wancan dama, kuma ba ta tambayar zare ko ya gama abin da yake yi. Tana iya tsayar da shi bayan ya karanta lamba, kafin ya rubuta.

Wannan dakatarwa ita ke mai da ƙaramar asara babba. A ce zare na farko ya karanta 41, sai aka tsayar da shi na ɗan ƙiftawar ido. A wannan lokacin zare na biyu ya yi ta ƙirga har lambar ta kai 50,041. Da aka ta da na farko, bai san duniya ta yi gaba ba: 41 yake riƙe da ita, ya ƙara 1, ya rubuta 42. Ƙirga 50,000 ta tafi a bugu ɗaya.

To, mene ne mafi ƙarancin abin da manhajar nan za ta iya bayarwa? Yawancin mutane kan ce 1,000,000, wato a rasa rabi. Amsar ita ce 2. Ga yadda za ta kasance. Zare na farko ya karanta 0, aka dakatar da shi. Na biyu ya yi zagaye 999,999, saura masa ɗaya. Na farko ya farka ya rubuta 1, ya shafe duk wancan aiki. Na biyu ya shiga zagayensa na ƙarshe, ya karanta 1, aka dakatar da shi. Na farko ya yi duk sauran zagayensa har ya gama. Sai na biyu ya farka, ya ƙara 1 a kan 1 da yake riƙe da ita, ya rubuta 2. Da wuya ƙwarai a ga wannan jeri a zahiri, amma babu abin da ke cikin manhajar da ya hana shi.

Abin da ya sa wannan cuta ta fi sauran wuyar kamawa shi ne ba kullum take nuna kanta ba. In aka rage zagayen zuwa 100, sau da yawa zare na farko kan gama aikinsa kafin na biyu ya fara, amsa ta fito daidai, mai rubutu ya ɗauka komai lafiya. In ya sa layin da zai riƙa buga lambar a allo don ya ga inda take ɓacewa, bugawar tana canza saurin zaruruwan, sai matsalar ta iya ɓuya. In ya umarci manhajar da ke juya rubutunsa zuwa harshen na'ura ta ƙara masa sauri da `-O2`, tana iya dunƙule zagaye 1,000,000 ya zama tarawa guda, amsa ta riƙa fitowa daidai kusan kullum alhali ramin yana nan. Saboda haka gwaji sau dubu da ya yi kyau ba hujja ba ce cewa babu matsala.

Alamominta dai sanannu ne ga waɗanda suka saba. Amsa tana canzawa daga gwaji zuwa gwaji ba tare da an taɓa komai ba. Jimlar ƙirga irin wannan kullum ƙasa take faɗuwa, ba ta haura abin da ake tsammani. Kuskuren yana ƙaruwa idan aiki ya yi yawa ko an koma na'ura mai cibiyoyi da yawa, yana kuma ɓacewa idan aka bar zare ɗaya kaɗai. Akwai kayan aiki da aka ƙera musamman don farautarta. Mai rubutu da `C` yana iya haɗa manhajarsa da `-fsanitize=thread`, mai harshen `Go` kuma ya yi amfani da `-race`. Waɗannan suna sa ido a kan duk wurin da zare biyu suka taɓa ba tare da tsari ba, ɗayansu yana rubutu, su faɗi layin da abin ya faru ko da amsar ta fito daidai a wannan karon. Iyakarsu ita ce, hanyar da manhajar ta bi a lokacin gwajin kawai suke gani.

Ba a ɗakin karatu kaɗai abin ya tsaya ba. Ranar 14 ga Agusta, 2003, wutar lantarki ta ɗauke a arewa maso gabashin Amurka da lardin Ontariyo na Kanada, ta bar mutane kimanin miliyan 50 cikin duhu. Wayoyin wuta da suka taɓa bishiyoyi a jihar Ohayo ne suka fara jawo matsalar, amma manhajar da ya kamata ta yi wa ma'aikatan ɗakin kula ƙararrawa ta tsaya cik fiye da awa ɗaya ba su sani ba. Bincike ya gano cewa sassa biyu na manhajar ne suka sami damar rubutu a wuri ɗaya a lokaci ɗaya. Ba ƙirga ake yi a wurin ba, amma cutar iri ɗaya ce, kuma injiniyoyi sun shafe makonni suna tonon rubutun manhajar kafin su gano ta.

Maganin ya daɗe da samuwa. Tun 1965 masanin nan ɗan ƙasar Holan, Edsger Dijkstra, ya wallafa hanyar da za a sa ma'aikata da yawa su riƙa shiga wuri ɗaya bi da bi. A yau abin da aka fi amfani da shi shi ne kwaɗo:

```c
pthread_mutex_lock(&m);
jimla++;
pthread_mutex_unlock(&m);
```

Zaren da ya riga ya kama kwaɗon shi kaɗai zai karanta, ya ƙara, ya rubuta. Duk wanda ya zo bayansa sai ya jira ya saki. Ko an dakatar da mai riƙe da kwaɗon a tsakiyar aiki, babu wanda zai taɓa lambar. Sharaɗin shi ne kowane wuri da ke taɓa `jimla` ya bi ta wannan kwaɗo ɗin. Layi ɗaya da aka manta ya isa ya dawo da matsalar. Kuma jira yana cin lokaci, don haka manhajar za ta ragu da sauri.

Ga ƙirga zalla akwai hanya mafi sauƙi. Firosesa tana da umarni na musamman da ke haɗe matakan nan uku su zama ɗaya da ba ya tsaguwa. A `C` ana samunsa ta `atomic_fetch_add`, a `Java` kuma ta `AtomicLong`. Sai dai a kula da wani tarko: mutane da yawa kan ɗauka rubuta `volatile` a gaban lambar ya wadatar. Bai wadatar ba, domin bai hana wani zare kutsawa tsakanin karantawa da rubutawa.

Shi ma umarnin na musamman yana da iyaka. A ce manhaja tana sayar da kujeru 100, tana duba ko waɗanda aka sayar ba su kai 100 ba, sannan ta ƙara 1. An sayar da 99, zare biyu suka duba tare, kowane ya ga saura ɗaya, kowane ya ƙara. Ƙirgar ba ta ɓata ba, ta nuna 101 daidai, amma an sayar wa mutum biyu kujera ɗaya. A nan dubawa da ƙarawa ne ya kamata su shiga ƙarƙashin kwaɗo guda.

Hanya ta uku kuwa ita ce a kauce wa tarayyar gaba ɗaya. Kowane zare ya riƙe nasa ƙirgar da babu mai taɓa masa, sai duk sun gama a tara su sau ɗaya. Babu jira, babu rige-rige, kuma galibi ita ta fi sauri. Ba ta dace da inda ake bukatar sanin jimlar a kowane lokaci ba, kamar kujerun can, amma inda sakamakon ƙarshe kawai ake so, ƙwararru ita suke fara dubawa kafin su nemi kwaɗo.