Wasa ɗaya ne ya yanke tikitin: alamomin da matashi zai duba a kansa

A gidajen kallon ƙwallo, daren Asabar ko Lahadi, ba a rasa wanda zai ɗaga waya yana nuna wa na kusa da shi: “Duba, wasa ɗaya ne ya yanke min tikiti.” Yana faɗar haka kamar mai alfahari, domin a ganinsa ya kusa ci.

Lissafi bai goyi bayansa ba. A ce ya jera wasanni 10 a tikiti ɗaya, kuma kowane wasa yana da damar kashi 70 cikin 100 na fitowa yadda ya canka. Damar dukkansu su shiga ba ta kai 3 cikin 100 ba. Damar tara su shiga, ɗaya ya ɓata, ta kai 12 cikin 100. Wato “saura ƙiris” ya ninka cin gaske sau huɗu, kuma shi ne ke mayar da mutum gobe. Matashin da faɗuwa irin wannan ke ƙara wa ƙaimi ya riga ya ga alama ta farko.

Ta biyu ta fi ta haɗari, wato bin asara. A ɗauki misalin yaron shago da ya sa naira 500 da yamma aka cinye. Ya sa 1,000 don ya fanshe, ita ma ta tafi. Sai 2,000, sai 4,000, sai 8,000. Kafin ya kwanta, 15,500 sun salwanta wajen neman 500, kuma takwas ɗin ƙarshe ba nasa ba ne, cinikin ubangidansa ne da ya yi niyyar mayarwa da safe. A nan caca ta tashi daga abin da yake kira nishaɗi ta koma biyan bashi. Tambayar da zai yi wa kansa ita ce: idan aka cinye ni, ina iya rufe wayar in kwana da asarar, ko sai na koma?

A shekarar 1997 masana a Amurka sun wallafa wani gwaji mai tambaya biyu kacal. Shin mutum ya taɓa jin sai ya ƙara yawan kuɗin da yake sawa? Shin ya taɓa yi wa makusantansa ƙarya kan yawan cacar da yake yi? Amsa “e” ko da sau ɗaya ta isa a zurfafa bincike.

Tambaya ta biyu tana buƙatar kulawa a ƙasar Hausa. Caca haramun ce a Musulunci, kuma a 2024 hukumar Hisba ta Kano ta rufe shagunanta da dama, don haka kusan duk mai yi tun ranar farko a ɓoye yake yi. Wannan ɓoyon shi ke sa gida ba ya ganewa sai abin ya yi nisa, tunda yanzu shagon yana cikin aljihu. Abin dubawa shi ne ƙaryar da ta shafi kuɗi: an ce wa mahaifiya ba a biya albashi ba, an ce wa aboki kuɗin magani ake nema, zubin adashi ya makara, kuɗin rajistar makaranta “banki ya riƙe”.

Sauran alamomin a jiki da lokaci suke fitowa: ƙunci da saurin fushi ranar da ba a buga ba, duba sakamako a aji ko tsakiyar aiki, raba dare kan wasannin ƙasashen da ko sunan ƙungiyoyinsu bai sani ba, da rantsuwar dainawa da ba ta wuce mako guda. Littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke aiki da shi tun 2013 ya lissafa alamomi tara, kuma wanda ya haɗa huɗu cikin wata 12 ana ɗaukarsa mai larurar caca. Jiran su cika huɗu kuskure ne.

Akwai gwajin da ba ya buƙatar likita. Matashi ya buɗe bayanan asusunsa na kwana 30, ya tara duk abin da ya tura wa kamfanin caca, ya tara abin da ya dawo asusun, ya debe. Kuɗin da ke zaune cikin manhajar ba a ƙirga su, domin yawanci can suke ƙarewa. Ƙwaƙwalwa tana riƙe ranar da aka ci 20,000, tana mance ɗari biyar-biyar ɗin da suka zurare.

Wanda adadin ya tayar wa hankali ya nuna shi ga mutum ɗaya da ya amince da shi, yaya ko malami, tun a ranar, ya kuma bar katin bankinsa a hannunsa na ɗan lokaci. Idan abin ya kai ga rashin barci ko tunanin kashe kai saboda bashi, kada a tsaya jira: asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna, Maiduguri da Kware a Sakkwato suna da likitocin da za a gani.