Giɓin Bincike: Hattara da Ramin da Wani Ya Riga Ya Cike

Duk shekara ɗaliban digiri na biyu a fannin kiwon lafiyar al'umma kan kai wa malamansu batun bincike mai fasali ɗaya: sani, ra'ayi da ɗabi'ar iyaye mata game da wata cuta a wata ƙaramar hukuma. In aka tambayi ɗalibi ina giɓin, sai ya ce ba a taɓa yin binciken a garinsu ba. Sauya sunan gari kawai ba giɓi ba ne, sai in ɗalibi ya nuna dalilin da zai sa sakamakon garinsu ya bambanta da na maƙwabta. Giɓi na gaskiya yakan ɓuya ne a yadda masu binciken baya suka auna abin da suka ce sun gano.

Mu ɗauki maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake raba wa yara da damina. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa bai wa yara daga wata 3 zuwa wata 59 wannan magani sau ɗaya a wata, har wata huɗu, a yankin Sahel. Kowane zagaye na kwana uku ne. Ranar farko mai rabo ne ke ba yaro a gabansa, ya bar wa uwa ƙwayoyin rana ta biyu da ta uku.

Ɗalibi mai lura zai buɗe sashen hanyoyin bincike na rahotannin da suka auna nasarar shirin, ya tambayi kansa: ta yaya aka san yaron ya sha sauran ƙwayoyin? Yawancinsu uwa aka tambaya, ta ce ta ba shi. To amma uwa kan ji nauyin ta ce wa baƙo mai rigar ma'aikata ba ta bayar ba, kuma in an daɗe kafin a zo, mantuwa ta shiga. Yaro ma kan yi amai, ko a ajiye maganin sai ranar da zazzaɓi ya zo. Ga giɓi ya fito: tsakanin abin da aka faɗa da abin da ya shiga cikin yaro.

Kafin ka yi murna, ka bincika ko wani ya riga ka. Shawarar da marubuci ya rubuta a ƙarshen takarda, cewa a ƙara bincike, tana da shekaru, kuma dubban mutane sun karanta ta. Ka saka sunan takardar a Google Scholar, ka bi waɗanda suka ambace ta daga baya, ka kuma duba PubMed. A nan za ka tarar cewa a Magaria da ke Jamhuriyar Nijar an auna maganin a jinin yara, aka ga waɗanda suka shanye shi duka ba su kai yadda iyaye suka faɗa ba. Za ka kuma ga cewa a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sassauta ƙa'idar shekarun yara da yawan zagaye. Wanda ya tsaya kan takardun 2012 zai rubuta tsohon labari.

Sai tambaya ta gaba: za ka iya cike giɓin? Wani giɓin tsada ce ta bar shi a buɗe. Gwajin jini ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi. Amma ziyartar gidaje a rana ta huɗu, a tambayi uwa, sannan a nemi ganin fakitin maganin a ƙirga abin da ya rage, wannan mai yiwuwa ne. Batun sai ya zama: bambanci tsakanin faɗar iyaye da ƙirgen ƙwayoyi, da dalilan rashin kammala maganin, a ƙaramar hukuma kaza.

Ka yi lissafi tun da wuri. Da `n = Z²p(1−p)/d²`, in `Z` 1.96 ce, `p` 0.5, `d` 0.05, za ka sami yara 384. In unguwa-unguwa za ka zaɓa, akan ninka, su kai 768. Gidaje masu yawa haka cikin kwana ɗaya ko biyu sai da mataimaka, kuma mata, domin su ne za su shiga har tsakar gida. Ka kuma rubuta iyakar hanyarka da kanka: fakitin da ya ƙare bai tabbatar da an sha ba, mai yiwuwa ƙane ko wa aka ba.

A arewacin Najeriya rabon yakan kama daga Yuli zuwa Oktoba. In izinin kwamitin ɗa'ar bincike bai fito ba sai Nuwamba, ka rasa shekara guda. Don haka tun kafin ruwan farko ya sauka ka miƙa takardunka.