Waifai na Kwastoma Daban, na POS Daban: Yadda Ake Raba Intanet ɗin Shago

Kalmar sirrin waifai ba ta daɗewa tana sirri a shago. Mai gidan abinci ko mai shagon aski ya ba kwastoma ɗaya, wannan ya ba abokinsa, kafin wata ya zagayo har masu jiran Keke Napep a bakin titi suna kallon bidiyo da ita. Abin da ya fi damun mai shago shi ne datarsa da ke ƙonewa. Amma akwai abin da ya fi data: duk wayar da ta hau waifai ɗin nan tana iya ganin sauran na'urorin da ke kansa, wato na'urar POS, da kwamfutar kashiya, da firinta, da kyamarorin tsaro, har da shafin da ake saita ita kanta rawutar.

Ba sai an tsorata kowa fiye da kima ba. Na'urorin POS na yanzu suna rufe bayanan kati kafin su tura, don haka zama a waifai ɗaya da su ba ya nufin mutum zai karanta lambar katin wani. Raunin ya fi yawa a maƙwabtansu: kyamarar da har yau kalmar sirrinta `admin` ce, ko kwamfutar da ake lissafin ciniki a kanta wadda ba a taɓa sabunta ta ba. Ɓarawo ta kan mai rauni yake shiga, sannan ya lallaɓa zuwa inda kuɗi yake. Haka aka yi wa kantunan Target na Amurka a ƙarshen 2013: an shiga da bayanan shiga na wani ɗan kwangila mai kula da na'urorin sanyaya wuri, aka ratsa har zuwa na'urorin karɓar kuɗi, aka kwashe bayanan kati kusan miliyan 40. Ƙa'idojin PCI DSS na kamfanonin katin banki ma suna ba da shawarar a ware na'urorin biyan kuɗi daga sauran.

Kafin a kashe ko sisi, a fara duba abu ɗaya. Yawancin POS ɗin da ke hannun jama'a a Najeriya, irin na Moniepoint da OPay, da layin waya a cikinsu suke aiki. Wanda nasa bai taɓa hawa waifai ɗin shago ba, to a ware yake tun asali. Wannan bayani na wanda ya ɗora POS a kan waifai ne saboda sabis ba ya shiga cikin shagon sosai, ko wanda yake da kwamfutar kashiya da aka haɗa da kebul.

To mene ne VLAN? Hanya ce ta raba kayan aiki ɗaya su zama kamar biyu ko uku, ba tare da an ja sabon kebul ba. Wanda ya taɓa ganin lodin hatsi a Dawanau ya san tsarin: mota ɗaya, buhunan mutum uku, kowane buhu da shaidar mai shi, kuma a wurin saukewa shaidar ake bi. Haka kowane ƙunshin bayani da ke bin kebul ake maƙala masa lamba, na POS lambarsa daban, na kwastoma daban. Ƙa'idar sunanta IEEE 802.1Q, ta fito a 1998, kuma tana ba da damar lambobi daga 1 zuwa 4094. Shago biyu kawai yake buƙata.

Mu ɗauki misalin gidan abinci mai tebur goma, da POS ɗaya mai hawa waifai, da kwamfutar kashiya. Kayan aiki uku ne. Na farko rawuta mai gane VLAN, kamar MikroTik hEX. Ƙaramar rawutar da kamfanin waya yake bayarwa da layi a ciki galibi ba ta iya wannan aikin, sai dai ta tsaya a matsayin mai kawo intanet, a jona ta a kafar farko ta MikroTik. Na biyu suwic, wato akwatin nan mai jerin kafofin kebul, amma irin wanda ake iya saitawa, misali TP-Link TL-SG108E mai kafa takwas. A lura da harafin E ɗin nan na ƙarshe, domin akwai TL-SG108 marar E, kamarsu ɗaya a ido, amma shi ba a saita komai a cikinsa. Na uku na'urar watsa waifai wadda ke iya fitar da suna fiye da ɗaya ta ɗaura kowanne a kan VLAN, kamar EAP225.

A rubuta tsarin a takarda kafin a taɓa komai. VLAN 10 na kuɗi ne, adireshinsa ya fara da `192.168.10`. VLAN 20 na kwastoma, ya fara da `192.168.20`. Daidaita lambar da adireshin ba dole ba ne, amma ranar da abu ya rikice, kallo ɗaya za a yi wa waya a san ɓangaren da ta faɗa. A rawuta sai a buɗe waɗannan VLAN biyu a kan kafar da ta tafi suwic, kowanne a ba shi nasa mai rabon adireshi, wanda a allo ake gani da sunan `DHCP Server`.

A suwic ne mutane suka fi rikicewa. Kafa iri biyu ce. Akwai wadda ke ɗaukar bayanan ɓangarori da yawa, kowanne da lambarsa a jiki. A allo ana zaɓa mata `Tagged`. Irin wannan ita ce kafa ta 1 da ta tafi rawuta, da kafa ta 2 da ta tafi na'urar waifai, kuma dukkansu a sa su cikin 10 da 20. Sai kafar da ake jona na'ura ɗaya wadda ba ta san komai game da lamba ba, kamar kwamfutar kashiya a kafa ta 3; ita `Untagged` ce a VLAN 10. Suwic ne ke cire lambar idan zai miƙa wa kwamfutar, ya kuma maƙala ta idan ya karɓa daga gare ta. To wace lamba zai maƙala? Wannan a wani shafi daban ake faɗa masa, mai suna `802.1Q PVID Setting`, inda za a rubuta wa kafa ta 3 lamba 10. Wanda ya manta da shafin nan zai ga fitilar kafar tana walƙiya lafiya lau amma babu intanet, saboda hanyar dawowa tana kan 10, hanyar tafiya kuwa tana nan kan 1.

Na'urar waifai ba ta da wahala. A buɗe suna biyu. Na POS a ɗaura shi kan 10, da doguwar kalmar sirri wadda mai shago da kansa zai shigar a na'urar, ko yaran shago ba sai sun sani ba. Na kwastoma a ɗaura shi kan 20, a kuma kunna `Guest Network` don kada wayoyin baƙi su riƙa ganin juna. Wannan kam a rubuta kalmarsa a bango ma babu laifi.

A nan ne masu haɗawa da yawa suke tattara kayansu su karɓi kuɗin aiki, alhali babban aikin bai fara ba. VLAN ya raba hanya a cikin suwic, gaskiya ne. Amma ɓangarorin biyu duk a rawuta suke haɗuwa, kuma sana'ar rawuta ita ce sada hanyoyi. Idan ba a hana ta ba, wayar da ke kan 20 za ta nemi kwamfutar da ke kan 10, rawuta ta isar da saƙon ba tare da tambaya ba. Abin da ke hanawa doka ce da ake rubutawa a sashen `Firewall`. A MikroTik, idan an raɗa wa ɓangaren kwastoma suna `vlan20`, ga ta:

```
/ip firewall filter
add chain=forward in-interface=vlan20 out-interface-list=!WAN action=drop
```

Ma'anarta: duk abin da ya fito daga ɓangaren kwastoma, in dai ba waje zai fita zuwa intanet ba, a yar da shi. Ana bin dokokin ne daga sama zuwa ƙasa, don haka idan akwai wata a sama da ta riga ta ce a bar komai ya wuce, wannan ba za ta yi aiki ba. Sai kuma a hana kwastoma isa shafin saita MikroTik ɗin. Akwai wata ƙofa ma da ake yawan mantawa: rawutar kamfanin waya tana ɓangaren waje ne a idon wannan doka, saboda haka kwastoma zai iya buɗe shafinta. A canza kalmar sirrin da ta zo da ita, in da hali a ƙara doka a kan adireshinta.

Kada a yarda da "na gama, Alhaji" sai an gwada a gaban mai shago. Gwajin yana da tsari. Kafin a sa dokar, a kashe `Guest Network` har sai an gama gwajin, a hau waifai na kwastoma da wata kwamfuta a nemi ta kashiya:

```
ping 192.168.10.20
```

Idan ta amsa, sai a sa dokar a sake nema. Yanzu ya kamata a ji shiru. Dalilin gwadawa kafin da bayan shi ne, wasu na'urori, har da kwamfutoci masu Windows, ba sa amsa `ping` daga wani ɓangare ko da hanya a buɗe take, sai mutum ya ɗauka shirun tsaro ne. In haka ta faru, a jona wata na'ura mai amsawa, kamar firinta, a yi gwajin da ita.

Adireshin da waya ta samu shi ma yana ba da labari. Wayar kwastoma da ta nuna `192.168.10` ta faɗa ɓangaren kuɗi, wato an ɗaura sunan waifai a kan lambar da ba tasa ba. Kwamfutar da ta nuna adireshi mai farawa da `169.254` ba ta samu mai ba ta adireshi ba, ita ta ƙirƙira wa kanta. A duba ko an manta sa 20 a ɗaya daga cikin kafofin `Tagged`. Gwaji na ƙarshe kuwa ko ba a so NEPA za ta yi shi: a kashe komai a kunna. Wasu na'urorin sai an danna `Save` suke riƙe saiti, in ba haka ba ɗaukewar wuta ɗaya ta mayar da su yadda suka fito daga kwali.

Saura batun cunkoso, wanda VLAN ba ya magani ko kaɗan. Intanet ɗin da ke shigowa shagon ɗaya ne. Mutum shida na kallon bidiyo, POS zai tsaya yana juyi, wani lokaci har a cire wa kwastoma kuɗi rasit kuma ya ce ba a biya ba, a shiga cacar baki a gaban kanta. POS ba ya cin data mai yawa, jira ne ba ya so. Maganin shi ne a yanka wa ɓangaren kwastoma iyaka a sashen `Queues` na MikroTik. Idan layin shago yana kawo 10 Mbps, a ba kwastoma 6 gaba ɗayansu. A kafa lissafin a kan gudun da ake samu da yamma lokacin da sabis ke nauyi, ba wanda aka rubuta a talla ba, kuma a iyakance turawa kamar yadda aka iyakance saukewa, domin waya ɗaya mai tura hotunan biki ta isa ta toshe hanyar fita.

Wanda shagonsa ƙarami ne ƙwarai, rawuta ɗaya da POS ɗaya, babu kebul babu kyamara, ba sai ya sayi akwati uku ba. Ya duba ko rawutarsa tana da `Guest Network`. In akwai, ya kunna, ya tabbatar an kashe zaɓin da ke ba baƙi damar shiga na'urorin cikin gida, sannan ya yi gwajin `ping` ɗin nan, kafin da bayan.