Karatun Takardar Gwajin Ƙasa Kafin a Kafa Harsashi a Auyo

Ƙasar fadamar Auyo kogin Haɗeja ne ya jibge ta shekara da shekaru, laka a nan, yashi a can. Shi ya sa injiniya ba ya zana harsashin babban gini sai an haƙa ramin gwaji, an rubuta masa abin da aka tarar mita bayan mita.

A ce takardar wani fili ta nuna baƙar laka daga sama zuwa mita 2, lallausan yashi zuwa mita 5, sannan yashi mai tsakuwa. Baƙar laka tana kumbura da damina, ta tsattsage da rani, kuma wannan motsi ne ke tsaga bango. Don haka harsashi sai ya wuce ta.

Daga nan sai layin SPT. Ana sakin guduma mai kilo 63.5 daga tsayin santimita 76, tana kora bututun ƙarfe cikin ƙasa har santimita 45, ana ƙirga bugu a kowace 15. Idan a mita 3 an rubuta 2, 3, 4, to ba a lissafa na farko, domin haƙa ya riga ya dagula wannan ƙasar. Sauran biyun ake haɗawa a sami adadin da ake kira N, wato 7 a nan. A ma'aunin Terzaghi da Peck, yashin da ke tsakanin 4 da 10 sako-sako ne, yana lotsawa idan ya ji nauyi. Idan kuwa a mita 6 an sami 8, 11, 13, N ya kai 24, ƙasar da ake iya dogara da ita.

Sai dai nauyin gini yana ratsawa ƙasa kamar ninki biyu na faɗin harsashi. Harsashi mai faɗin mita 1.5 da aka zaunar a mita 2, yashin nan mai 7 ne zai ɗauke shi, ba mai 24 ba. Dole a faɗaɗa shi, ko a saukar da ginshiƙai zuwa ƙasa mai tauri. Lamba guda da ta yi tsalle ita kaɗai kuma abar tuhuma ce, wataƙila tsakuwa ce ta toshe bakin bututun.

Saura ruwa, kuma nan injiniya ke duba kwanan wata. Ruwan da aka gani a mita 4 cikin Maris yana iya hawowa kusa da doron ƙasa a Satumba, balle a shekarar ambaliya irin 2020 da 2022. Yashin da ruwa ya rufe yakan rasa kusan rabin ƙarfin ɗaukar kayansa. Mai gini a Auyo ya tambayi injiniyansa watan da aka haƙa ramin, da kuma ko da ruwan damina aka yi lissafin.